Idan wasu maɓallan laftof sun daina aiki: a gwada kafin a kashe kuɗi

Maɓalli ɗaya ko uku su ƙi aiki a kibod ɗin laftof ba dalilin garzayawa wurin mai gyara ba ne nan take. Gwajin minti biyar zai nuna inda matsalar take.

A buɗe burauza a nemi "keyboard tester", ko "test clavier" da Faransanci. Shafin zai nuna hoton kibod, kuma duk maɓallin da aka danna zai canza launi. A bi su layi-layi, a rubuta waɗanda ba su amsa ba a takarda. Idan harufan da za a yi binciken da su ne suka mutu, Windows na da kibod na kan allo: a danna Windows da Ctrl da O tare.

Akwai maɓallan da ke ruɗar mutane. Fn galibi ba ya bayyana a gwajin, ko da lafiyarsa ƙalau. A kibod ɗin AZERTY kuwa, maɓallin ^ ba ya rubuta komai sai an bi shi da wasali, kamar ê. Haka aka yi shi.

Daga nan a dubi jerin. Maɓalli ɗaya tak yawanci ƙura ce ko ɓarɓashin abinci, musamman lokacin hunturu, kuma buroshi mai laushi kan wadatar. Amma a ce 3 da E da D da C ne suka mutu tare. Maɓallan kibod rukuni-rukuni suke a kan layin wuta ɗaya, saboda haka layin ne ya yanke, ko siririyar wayar da ke haɗa kibod da uwar na'ura ta yi sako-sako. Mai gyara ya fara cire wayar ya mayar. Idan ba a ga canji ba, sai sabon kibod.

Kafin a yanke shawara, a jona kibod na USB a maimaita gwajin. Idan duka sun amsa, laifin na kibod ɗin ciki ne, ba na Windows ba.

Gyara ya fi dacewa da ɗalibi ko ɗan kasuwa mai yawo da laftof, musamman tsofaffi irin ThinkPad T420, da 'yan sukurori kaɗan ke riƙe da kibod ɗinsu. A yawancin sirara na zamani an manne shi da murfin sama, dole a canza duka, kuɗin ya yi yawa. A nan kibod na USB ya fi sauƙi, idan a tebur ake aiki. Sai dai idan wani maɓalli ya maƙale yana rubutu da kansa, ko ruwa ya zuba a ciki, kibod na waje ba zai magance ba, sai an buɗe na'urar.

Wurin saye a kula: na kasuwannin Najeriya da Gana galibi QWERTY ne, a Nijar da Chadi kuwa AZERTY aka saba. A daidaita tsarin harshe a Windows da wanda aka saya, in ba haka ba a danna A sai Q ya fito.