Faɗuwar Gaba a Ɗakin Likita: Me Za a Faɗa, Me Za a Tambaya?

A asibitocin gwamnati layi yana da tsawo, kuma wanda ya samu shiga ɗakin likita 'yan mintuna kawai gare shi. Da yawa daga masu fama da ciwon fargaba suna ɓatar da waɗannan mintuna da jimla ɗaya: "Likita, jikina ne ba daɗi." Daga nan sai a tura su gwajin maleriya da taifot, su koma gida da maganin zazzaɓi, ciwon kuwa yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke da wannan ciwo a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa.

A ɗauki misalin wata mai ɗinki, uwar 'ya'ya huɗu. Idan ta ce gabanta yana faɗuwa ta yi shiru, likita ba shi da abin kamawa. Ga yadda bayanin zai yi amfani: "Ranka ya daɗe, wata uku ke nan. Kamar sau biyu a mako zuciyata takan kama bugawa da ƙarfi, numfashina ya sarƙe, tafin hannuna ya jiƙe da zufa, har in ji kamar mutuwa zan yi. Cikin minti goma abin ya kai maƙura, kafin rabin awa ya lafa. Yanzu na daina zuwa kasuwa sayen yadi don tsoron kada ya same ni a hanya."

Ba ta yi minti ɗaya ba, amma ta faɗi yaushe abin ya fara, yadda yake zuwa, tsawon lokacin da yake ɗauka, da abin da ya hana ta yi. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, alhali da shi likita ke auna nauyin ciwon. Fargabar da ke aukowa farat ɗaya ta wuce daban take da wadda ke kwana da mutum ta tashi da shi wata shida ko fiye, yana ta saƙe-saƙe a kan yara da kuɗi da lafiya, barci ya ƙi zuwa, wuya da kafaɗa su sanƙare. Wasu likitoci kan yi amfani da takardar tambayoyi bakwai mai suna GAD-7 game da makonni biyun da suka wuce. Maki 10 cikin 21 yana nuna a ƙara bincike.

Kunya tana sa a ɓoye abubuwa, kuma ɓoyewar tana da tsada. Goro nawa ake ci a rana, shayi ko kofi kofi nawa, ko ana shan taramol ko maganin tari mai kodin, ko jiƙo da sauran magungunan gargajiya: duk likita yana bukatar ya ji. Wanda ya je wajen malami an yi masa ruƙiyya ma ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Jin kamar wani abu yana yawo a jiki ko tsakiyar kai tana zafi shi ma a faɗe shi yadda yake.

Tambaya ta farko ita ce ko akwai ciwon jiki da ke kawo wannan. Ƙarancin jini, faɗuwar sukari, da halittar maƙogwaro da ake kira tayirod idan ta yi aiki fiye da kima duk suna sa bugun zuciya da rawar hannu, kuma gwajin jini yana nuna su.

Sai maganar magani, wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta. A tambayi sunansa, yaushe zai fara aiki, kuma har yaushe za a sha. Irin su satiralin da fulokzetin sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma a makon farko fargabar tana iya ɗan ƙaruwa. Wanda ba a gaya masa haka ba sai ya watsar da maganin a kwana na biyar, ya ce bai karɓe shi ba. Ba a kuma daina su rana ɗaya. A hankali likita ke rage su. Baliyam kuwa yana kwantar da hankali nan take, amma jiki yana sabawa da shi, shi ya sa ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai asma su faɗa tun kafin a rubuta takardar magani.

A kuma tambaya ko akwai jinyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, da ranar dawowa. Idan asibitin ba shi da ƙwararre, a nemi takardar turawa zuwa irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri.

Akwai alamun da ba a jiran ranar layi a kansu: ciwon ƙirji mai sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, suma, ko tunanin kashe kai. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu, a kai shi sashen gaggawa a ranar.