Barka da Sallah ga wanda ke kwance a asibiti

Ranar Ƙaramar Sallah tana da tsawo ga wanda ke gadon asibiti. Tun da hantsi yana jin kabbarar masu wucewa Idi ta taga, 'yan dubiya sun ragu saboda kowa na fama da hidimar gida, waɗanda likita ya ga za su iya tafiya kuwa an sallame su tun jajibiri. Waya ce kawai ke ta ƙara a gefen matashi. Abin da ke shigowa cikinta yana iya sanyaya rai, yana kuma iya ƙara wa mutum nauyi, ko da mai aikowa alheri ya nufa.

A ɗauki misalin abokin da ya yi hatsarin babur a tsakiyar azumi, ƙashin cinya ya karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Irin wannan ƙashi kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe sosai, bayan haka ga motsa jiki da koyon taka ƙafa. To sai ga saƙo: "Maza ka tashi, muna jiranka a Hawan Daushe." Wasa ne irin na abokai, amma Hawan Daushe washegarin Sallah ake yinsa a Kano, shi kuwa ko banɗaki sai an kama shi. An ɗora masa wa'adin da ba zai iya cikawa ba. Haka nan "in sha Allahu Babbar Sallah da ƙafarka za ka je Idi". Tsakanin 1 ga Shawwal da 10 ga Zulhajji wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma ba mai gaisuwa ne ya ga hoton ƙashin ba. In ranar ta zo yana kan sanda, sai ya ji kamar shi ne ya gaza.

Akwai wani nauyin da ba mu cika lura da shi ba. A al'adarmu in an ce "ya jiki?", amsa ɗaya ce: "da sauƙi." Ko numfashi ake ja da ƙyar, haka za a ce. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba, in ya samu wannan tambaya daga mutane da yawa, kowanne sai ya tattaro ƙarfi ya amsa masa. Shi ya sa a ganina saƙon da ya fi tausayi shi ne wanda ya yafe amsa tun daga farko. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Salamu alaikum, mutumina. Barka da Sallah. Yau da muka sauko daga Idi mun zauna a ƙofar gida kamar kullum, aka yi ta hirarka, har aka tuna shekarar da tela ya hana ka ɗinki ka fito da tsohuwar shadda kana cika baki. Muna yi maka addu'a, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Kada ka wahalar da kanka wajen amsawa. Jibi bayan la'asar zan leƙo in jiki ya ba da hali, zan fara tambayar Yaya tukuna. Allah ya maimaita mana."

Tsohon labarin telan nan shi ne zuciyar saƙon, domin ya tuna masa cewa shi abokin zama ne, ba majinyaci kaɗai ba. Fatan alherin kuma an miƙa shi ga Allah, ba a rataya shi a wuyan mara lafiya ba. "Allah ya maimaita mana" ma ta wadatar wajen sa rai: ta haɗa shi da mu a baɗi, ba tare da ta ce a tsaye ko a zaune ba.

Zancen ramuwar azumi a bar shi. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, kuma ya san da bashin, ba sai an tuna masa ranar Idi ba. Labarin wane da ya yi irin ciwon ya miƙe cikin sati uku shi ma a ajiye, tare da tallar mai ɗorin da ake cewa hannunsa na da albarka. Hotunan kwalliya da na tuwon Sallah kuwa sai in shi ya nema. Wani suna faranta masa, wani suna sa shi juya fuska bango.

In idonsa ko hannunsa ba sa ba shi damar karatu, saƙon murya gajere ya fi, wanda mai jinya zai kunna masa lokacin da ya farka. Kiran waya yakan faɗo daidai lokacin allura ko wankin ciwo. Mai jinyar nan ma, uwa ce ko mata ko ƙane, ta yi Sallarta a kan tabarma a barandar asibiti, don haka a gaishe ta da sunanta na girmamawa, a ce sannu da ɗawainiya. Ita ce kuma za a tambaya kafin a aika abinci, domin mai ciwon suga ko ƙoda ko wanda ake shirin shiga da shi tiyata ba kowane kwano ne zai buɗe ba.