Kwana 30 Bayan Hukumar Haraji Ta Ce A'a

Duk wanda ke harkar kasuwanci tsakanin Hotoro, Tarauni da Gyadi-Gyadi ya san takardar ƙiyasin haraji, wato wadda hukuma ke aikowa tana cewa ga abin da ake bin ka. Da yawa kuma sun san cewa idan mutum bai yarda da adadin ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne mataki na gaba: hukuma ta duba ƙorafin, ta amsa cewa ba za ta gyara komai ba. Wannan amsa ita ce akantoci da lauyoyi ke kira NORA, takardar ƙin gyara ƙiyasi. Mutane kan ɗauke ta a matsayin ci gaban ciniki, a ajiye ta a durowa, a fara neman wanda ya san wani a ofis. Alhali daga ranarta wasu kwanaki 30 ɗin sun fara ƙirguwa, kuma su ne suka fi na farko haɗari.

Wurin da ake kai kuka shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda ake taƙaita sunanta da TAT. Dokar kafa hukumar haraji ta tarayya ta 2007 ce ta samar da ita, kuma tana zama a shiyyoyi takwas. Ta Arewa maso Yamma tana Kaduna, saboda haka can mutumin Kano zai nufa. Tana sauraren rikicin harajin ribar kamfani da harajin VAT da makamantansu, har da harajin kuɗin shigar mutum, wanda a nan Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano ce ke karɓa. Sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun sauya abubuwa da dama, har sunan hukumar ta tarayya, FIRS, ya koma NRS, amma kotun tana nan, wa'adin kwana 30 ma yana nan.

Bari mu ɗauki misali. A ce akwai wani kamfanin dakon mai da ke da ofis kusa da defo ɗin Hotoro, cinikinsa na shekara ya haura naira miliyan 100. Masu bincike sun duba asusun bankinsa na shekarar 2023, suka ƙiyasta masa ƙarin harajin riba na miliyan 18. Kamfanin ya rubuta ƙorafi a kan lokaci, hukuma ta ƙi. Takardar ƙin tana ɗauke da kwanan wata 3 ga Maris. Ɗan aike ya kawo ta ranar 5, maigadi ya karɓa ya sa hannu. Alhaji mai kamfanin yana Legas wajen lodin motoci, bai gan ta ba sai ranar 20.

Daga ina za a fara ƙirga? Idan daga ranar da ke jikin takardar ne, wa'adi ya cika 2 ga Afrilu. Idan daga ranar da aka miƙa ta ne, 4 ga Afrilu. Alhaji kuwa a lissafinsa yana da har 19 ga Afrilu, tunda sai ranar 20 ya gani. Wannan lissafin na ƙarshe shi ne ba ya da madafa ko kaɗan, domin takardar da ta shiga ofishin kamfani ta isa hannun kamfani, ko wa ya karɓa. Tsakanin na farko da na biyu kuma lauyoyi na iya yin muhawara, amma mai hankali ba ya jingina miliyoyinsa a kan muhawarar kwana biyu. Ya ɗauki ranar da ta fi kusa, 2 ga Afrilu, ya kuma shigar da takardunsa mako guda kafin nan. Asabar da Lahadi da hutun Sallah da suka faɗo a tsakiya duk suna cikin ƙirgen.

Abin da ya fi cinye wa mutane wa'adi ba mantuwa ba ce, zaman sulhu ne. Jami'i zai ce, "Alhaji, ka dawo mako mai zuwa mu zauna mu daidaita." A zauna, a sha shayi, a ɗage. Sulhu ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi sauƙi, amma ba ya tsayar da agogo. Sake rubuta wa hukuma wasiƙar roƙo ta biyu ko ta uku ma ba ya tsayar da shi. Hanyar da ta dace ita ce a shigar da ƙara tukuna, a ci gaba da tattaunawa. Idan an daidaita sai a kai wa kotu sharuɗɗan, ta mayar da su hukunci. Idan kuwa aka bari wa'adin ya wuce babu ƙara, doka ta ce ƙiyasin ya zama tabbatacce, ba a sake jayayya a kansa. Miliyan 18 ɗin nan sun zama bashi, tara da kuɗin ruwa na hawa, hukuma kuma na iya umartar banki ya biya ta daga asusun kamfanin.

Akwai ƙofar da ta rage ga wanda ya makara. Kotu na iya karɓar ƙara bayan kwana 30 idan ta gamsu cewa akwai isasshen dalilin jinkiri. Ana nema ne a rubuce, tare da takardar rantsuwa da ke bayanin abin da ya faru daki-daki. Wanda ya kwanta a asibitin Malam Aminu Kano yana da takardar likita da zai nuna. Wanda zai ce yana jiran alƙawarin baka da wani jami'i ya yi masa, ko akantansa ne ya yi tafiya, ya shigo da rauni. Alfarma ce kotu ke yi, tana iya hanawa.

To me ake rubutawa a ciki? Ana amfani da fom ɗin shigar da ƙara na kotun, kuma ƙa'idojin kotun na 2021 sun ba da damar shigarwa ta intanet, har ma da sauraren shari'a daga nesa, abin da ke rage wa Bakano zirga-zirgar hanyar Kaduna. Ɓangaren farko bayanin ganewa ne: sunan mai ƙara da adireshin da za a riƙa kai masa takardu, sunan hukumar da ake ƙara, lambar ƙiyasin da shekarar da ya shafa, adadin kuɗin, da ranar da aka ƙi gyarawa. A haɗa kwafin takardar ƙiyasi, da wasiƙar ƙorafi mai ɗauke da hatimin karɓa na hukuma, da takardar ƙin. Waɗannan ukun su ne ke nuna an bi matakai a kan lokaci, kuma su lauyan hukuma zai fara dubawa, domin idan ya kayar da ƙara a kan wa'adi ya huta da sauran magana.

Sai a faɗi ko dukkan hukuncin ake ja da shi ko wani sashe. A nan gaskiya tana da riba. Kamfaninmu na Hotoro ya duba littattafansa, ya ga lallai akwai jigilar da bai bayyana ba, harajinta ya kai miliyan 6. Abin da ya fi masa shi ne ya biya wannan, ya haɗa rasit, ya ce miliyan 12 kawai yake jayayya a kai. Wanda ya musanta komai, har da abin da takardunsa suka tabbatar, ya zubar da ƙimar sauran maganarsa a idon masu hukunci.

Zuciyar takardar ita ce dalilan ƙara, kuma a nan ne ake gane wanda ya shirya. "Harajin ya yi yawa, kasuwa ba ta tafiya, farashin gas ya tashi" duk gaskiya ne, amma ba dalili ba ne a gaban kotu. Dalili shi ne a nuna takamaiman kuskuren da hukuma ta yi. A misalinmu dalilai biyu ne. Na farko, hukuma ta lissafa naira miliyan 25 da suka shiga asusu a matsayin ciniki, alhali rance ne da banki ya bayar don sayen tanka. Na biyu, ta lissafa miliyan 15 da kamfanin ya tura daga wani asusunsa zuwa wani, ta haka kuɗi ɗaya ya ƙirgu sau biyu. Jimla miliyan 40, kashi 30 cikin ɗari na wannan kuwa shi ne miliyan 12 ɗin da ake rikici a kai. Kowane dalili a ba shi lambarsa, a ƙarƙashinsa a jera bayanai: ranar da kuɗin ya shiga, daga ina, wace takarda ce ta nuna haka.

Bayan dalilai sai buƙata, wato ainihin abin da ake so kotu ta yi. Kada a ce "a yi mana adalci" a tsaya. A ce a soke miliyan 12 daga ƙiyasin shekarar 2023, tare da tara da kuɗin ruwan da aka ɗora a kansu. Kotu ba ta cika ba mutum abin da bai roƙa ba, wanda ya manta da ambaton tara yana iya cin shari'a ya fito da sauran bashi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ba a ajiye hujja sai ranar zama. Tun wajen shigar da ƙara ake haɗa sunayen shaidu, da bayanin kowannensu a rubuce bisa rantsuwa, da duk takardun da za a dogara da su: yarjejeniyar rancen, bayanan asusun bankunan biyu, rasitan biya. Nauyin tabbatar da cewa ƙiyasi ya wuce kima yana wuyan mai ƙara ne, ba hukuma ce za ta tabbatar da lissafinta ba. Shi ya sa kwana 30 ba su da yawa kamar yadda ake zato. Neman tsohon bayanin asusu daga banki kaɗai yana iya cin rabinsu. Doka ta yarda lauya ko ƙwararren akanta ya tsaya wa mutum, kuma a ganina ƙara irin wannan tana buƙatar su biyun, ɗaya ya tsara dalilai, ɗaya ya tsara lissafi.

Akwai tsoron da ke hana wasu zuwa kotun, cewa sai an ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurari mutum. Ƙa'idojin 2021 sun tanadi haka, amma a Nuwambar 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da babban lauya Joseph Daudu ya shigar, ta ce sharaɗin ya saɓa wa 'yancin sauraren kowa da tsarin mulki ya bayar. Kuɗin rajistar ƙara daban ne, magatakardan kotu ke faɗinsa, kuma dole a biya.

Idan hukuncin TAT bai yi wa mutum daɗi ba, yana iya wucewa babbar kotu, cikin wasu kwanaki 30, amma a kan batun doka kawai. Ba za a sake buɗe littattafan lissafi a can ba. Duk takardar da ba a gabatar a Kaduna ba, da wuya ta sake samun ranar shiga.

Saboda haka, ɗan kasuwa, ka sa wa maigadi da yaron ofis doka: duk takardar da ta fito daga hukumar haraji a rubuta ranar karɓa a jikinta, a ɗauki hotonta a turo maka a ranar, ko kana Legas ko kana Makka.