Wa ke yanke farashin hannun jarin simintin Sakkwato?

Mai gini a Kebbe ko Tambuwal ya san kuɗin buhun siminti. Amma kamfanin da ke yin simintin shi ma yana da farashi, kuma ba masu kamfanin ke yanke shi ba.

Masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato a da tana hannun kamfanin CCNN ne. Bayan haɗewarsa da kamfanin Obu aka samu BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannayen jari ta Legas a Janairun 2020 a kan naira 35 kowane hannun jari. Tun daga ranar, ciniki ke juya farashin.

Abin ya yi kama da cinikin rago a kara: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. Bambancin shi ne, a nan dillalai masu lasisi ke shigar da tayi a na'ura. A ɗauka, a matsayin misali, mafi tsadar tayi naira 99 ne, mafi arahar mai sayarwa kuma yana neman 100. Babu ciniki sai ɗaya ya sauko. In wani mai gaggawa ya kwashe duk na 100, ya shiga na 102, to 102 ya zama sabon farashi. Lambar da ake gani a waya kuɗin ciniki ne da aka riga aka ƙulla. Wanda ya zo sayarwa bayan awa ɗaya yana iya tarar da masu saye sun ja da baya. Dokar kasuwar dai ta hana farashi tashi ko faɗuwa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana guda.

Me ke sa mutane canja tayinsu? Galibi rahoton da kamfani ke fitarwa duk wata uku. A nan ake yawan ruɗewa, domin yawan ciniki daban, riba daban. A 2023 cinikin BUA Cement ya tashi zuwa kimanin naira biliyan 460 daga biliyan 361, amma ribarsa bayan haraji ta sauka daga kimanin biliyan 101 zuwa 69, musamman saboda faɗuwar darajar naira ta ƙara nauyin bashin da ke kansa na dala. Wanda ya ƙirga tireloli a hanyar Sakkwato zuwa Jega kawai ba zai hango wannan ba.

Ko riba mai kyau ma ba lallai ta ɗaga farashi ba, idan 'yan kasuwa sun riga sun zace ta, sun saya tun da wuri.

Akwai kuma batun ƙarancin kaya. Sama da kashi 90 cikin 100 na kamfanin yana hannun Abdul Samad Rabiu da kamfanoninsa, don haka abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. A irin wannan hali manyan masu saye ƙalilan na iya motsa farashi, alhali komai bai canja a Kalambaina ba. Shi ya sa masu lura ke duba adadin hannayen jarin da aka yi cinikinsu a ranar kafin su amince da farashin.