Ko Kun Sani?

A Ɗan Barto da kewayen Matamaye, furar gero da nono ta fi alewa da biskit riƙe cikin ɗalibi. Sukarin alewa yana shiga jini nan take, ya ƙare da wuri. Gero kuwa a hankali yake narkewa, nono ya ƙara masa sinadarin gina jiki. Shi ya sa, yara, wanda ya fito bai karya ba, kafin hantsi za ku gan shi yana hamma, ya kifa kai a kan tebur, lissafi ya ƙi shiga. Ku riƙo guzuri daga gida: ɗan wake ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a kwano mai murfi. Fura kuma a dama ta da ruwa mai tsabta, a sha da wuri, domin zafin bazara yana saurin tsamar da nono.