Zoben aure ga hannun da ke neman abinci

Ƙanena bakanike ne. Wata biyu kafin ɗaurin aurensa ya shigo gidana da wani baƙin zobe mai nauyi, ya ɗauki ƙusa ya goga masa a gabana, ko alama bai yi ba. Ya ce, "Yaya, wannan shi ne daidai da irin aikinmu. Ko shekara ashirin ya yi a gareji haka zai zauna." Zoben tangistin ne, kuma niyyarsa ya sayi biyu, ɗaya nasa ɗaya na amaryarsa, wadda sana'arta suyar cincin da kwaɓin fulawa. Na hana shi, kuma dalilin da ya burge shi game da zoben shi ne ainihin dalilin da ya sa na hana.

Zoben aure ba ya cikin tsarin auren Hausa na asali, inda sadaki da lefe ne abin magana. Amma Kiristocin Arewa sun daɗe suna sa wa juna shi a coci, kuma yanzu matasan Musulmi da yawa suna sayen zobba iri ɗaya don nuna ƙauna. Masu shago kuwa abu guda suke faɗa wa mai aikin hannu: ɗauki mafi tauri. Wannan shawarar rabin gaskiya ce.

Akwai ma'aunin tauri da wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. Yana tafiya daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne a kan 10, kuma abin da yake nunawa kawai shi ne wane abu ke iya ƙarzar wani. Tsantsar zinare da azurfa suna wajen 2.5 zuwa 3. Taitaniyom yana kusa da 6. Tangistin na zobe, wanda haɗi ne da sinadarin gawayi, ya kai wajen 9. Lambar da ta fi amfani ga mai karatu ita ce 7, domin nan ƙwayar yashi take. Ma'ana, yashin da ke hannun magini, da ƙasar da ke hannun manomi, da ƙurar da ke gauraye da girisi a gareji, duk za su ƙarje zinare da azurfa da taitaniyom. Tangistin ne kaɗai a cikinsu zai tsira da ƙyallinsa. A nan ƙanena bai yi kuskure ba.

Inda ya ɓata shi ne bai tambayi abin da zai faru ranar da yatsa ya kumbura ba. Bakanike ba ya shekara guduma ba ta sami yatsansa ba. Idan yatsa ya bugu yakan fara kumbura cikin mintuna, zoben da ke gindinsa sai ya zama ɗauri, jini ya shiga ya kasa fita. Alamun a bayyane suke: yatsan ya yi tsan-tsan, launinsa ya canja, ya fara mutuwa kamar an kwanta a kansa. Zoben zinare ko azurfa, ɗan ƙaramin zarton yanka zobe na asibiti ko na maƙerin fari zai raba shi cikin ɗan lokaci, daga baya a like shi ya koma kamar bai taɓa yankuwa ba. Taitaniyom ma yana yankuwa, sai dai da wahala da ɓata lokaci. Tangistin kuwa haƙoran zarton ne za su cinye. Hanyarsa ita ce a kama shi da filaya mai kulle, a riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan har ya fashe kamar tangaran. Dabarar tana aiki, amma sai an dace da wanda ya san ta, kuma ɓaraguzan suna iya yankan fata ko su yi tsalle cikin ido. Wannan halin fashewar ne ma ke sa zoben da ƙusa ta kasa ƙarza ya tsage idan ya faɗo da ƙarfi a kan siminti. Sannan ba a ƙara masa faɗi, ba a rage shi. Ranar da hannunka ya yi ƙiba, zoben aurenka ya tashi daga aiki.

Masu son tangistin suna da hujja guda da ya kamata a ba su. Idan abu mai nauyi ya danne hannu, zoben zinare yana lotsewa ya matse yatsa, shi kuwa tangistin fashewa yake yi. Gaskiya ne. Amma lotsattsen zinare ana yanke shi a ko'ina, kuma ni na fi yarda da matsalar da kowane maƙeri a kasuwa ya san maganinta.

Akwai haɗari biyu da babu irin ƙarfen da ke kare mutum daga gare su, kuma su na fi daɗewa ina yi wa ƙanena bayani. Na farko maƙalewa ne. Mutum ya diro daga bayan babbar mota ko daga tsani, zobe ya kama bakin ƙarfe ko kan ƙusa, nauyin jikinsa gaba ɗaya ya rataya a yatsa guda. Zoben ba ya yankewa, fatar ce ke saɓulewa, wani lokaci har da jijiyoyi, kuma irin wannan rauni yakan kai ga rasa yatsan. Na biyu wuta ce. Batirin mota bolt 12 ne kawai, ka taɓa shi da hannu ba za ka ji komai ba, amma yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a take. Idan kana riƙe da sifana a kan bakin batir mai jan waya, zobenka yana taɓa sifanar, sai ya goga jikin mota, wutar ta bi ta cikinsa. Cikin daƙiƙa kaɗan ya yi zafin da zai ƙona yatsa zagaye. Azurfa ce ma ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar wutar lantarki. Saboda haka ga bakanike, da mai walda, da mai gyaran wuta, da duk wanda ke kusa da inji mai juyawa, maganar wane zobe zan yi aiki da shi ba ta taso ba. Ana cirewa kafin a fara. Wanda ba ya son ganin yatsansa haka nan, akwai zoben roba na silikon, wanda ba ya ɗaukar wuta kuma yana tsinkewa idan ya maƙale. Yana da arha, sai dai fetur da baƙin mai suna lalata shi, kuma yana tara gumi.

Da muka gama wannan, zaɓin ƙanena ya zo da sauƙi. Namiji Musulmi ba ya sa zinare, azurfa ce ta halatta gare shi, kuma malaman Malikiyya sun ƙayyade kada ta wuce nauyin dirhami biyu, wato kusan giram 6. Sun kuma karhanta zoben baƙin ƙarfe da na tagulla. Muka je wurin maƙerin fari muka nemi azurfa mai hatimin 925, wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, sauran yawanci tagulla ce da ke ƙara mata ƙarfi. Muka tsaya a faɗin milimita 4 da kaurin da ya kusa milimita 2, aka ɗora a sikeli ya ba da giram huɗu da rabi. Kaurin nan ya fi komai muhimmanci ga ƙarfe mai laushi. Siririn zobe mai kaurin milimita 1 yana lanƙwashewa tun daga riƙon kan babur ko ɗaukar jarka, ka ga ya koma kamar ƙwai. Azurfa za ta ƙarje, za ta yi baƙi, amma goga ta minti biyar tana dawo da ita.

Na amarya ya fi buƙatar tunani, domin ita tana iya yini da nata a hannu. Mutanenmu sun fi son zinare mai karat 21 ko 22, masu hatimin 875 da 916, saboda launinsa ya fi kama ido kuma yana riƙe daraja ranar da za a sayar. Ga sarƙa da ɗan kunne babu laifi. Ga zoben da zai riƙa haɗuwa da bakin tukunya da turmi, ya yi laushi. Mai karat 18, hatiminsa 750, kashi uku cikin huɗu zinare ne, ragowar azurfa da tagulla, kuma ya fi jure bugu nesa ba kusa ba. Shi muka zaɓa. Mai karat 14, hatimi 585, ya fi shi ƙarfi da sauƙin kuɗi, amma launinsa ya koɗe kaɗan. Hatimi kaɗai ba shaida ba ne, don ana buga shi a kan na jabu, saboda haka a gwada a gabanka kuma a rubuta maka nauyi da karat a rasit.

Ta so mai ɗan dutse a sama. Maƙerin, dattijo ne, ya karɓi zancen kafin in buɗe baki. Ya ce, "'Yata, kwaɓin fulawa zai shige ƙarƙashin dutsen nan, allura ma ba za ta fitar da shi duka ba. Wata rana kuma ƙafar da ke riƙe da shi ta buɗe, ki neme shi a cikin cincin ɗin mutane." Ta yi dariya ta haƙura da sumul, marar zane marar dutse. Dalili ɗaya ne ya sa asibitocin da ke barin ma'aikatan jinya su sa zobe suke yarda da irin wannan kaɗai: yana wankuwa, kuma ba ya yaga safar hannu. Mun kuma kauce wa farin zinare. Farinsa mai walƙiya shafe ne na wani ƙarfe a sama, aikin hannu yana cinye shi da wuri, kuma wani irinsa yana da nikel a ciki, wanda ke sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje. Abin da aka ja mata kunne a kai shi ne ruwan bilic: yana cin ƙarafan da aka gauraya da zinaren, a hankali zoben ya yi rauni, musamman wurin liki. Kuma idan ta ga fatar ƙarƙashin zobe ta yi ja tana saɓa, yawanci sabulu da danshi ne suka maƙale a wurin. Ta cire, ta ɗauraye, ta bari ya bushe.

Saura daɗin sawa. Ka shafa cikin zoben da ɗan yatsa. Wani a miƙe yake da kaifin baki, wani kuma an ɗan kumbura cikinsa an zagaye gefunan. Na biyun ne ke wuce gaɓa ba tare da ya ci fata ba, kuma ba ya tsunkulin tafin hannu idan ka damƙe kayan aiki. Ga wanda zai cire zobe ya mayar kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin awo ma yana da tasiri. Yatsa yana tsukewa da sanyin safiyar hunturu, ya cika da yamma a lokacin zafi, don haka mun auna sau biyu, ranaku daban, bayan an tashi daga aiki. Daidai shi ne zoben ya shiga da sauƙi, wajen fita ya ɗan tsaya a gaɓa sai an murɗa. Idan ya zame da kansa da ka sa sabulu, ya yi yawa. Idan ya bar rami mai zurfi a fata, ya yi kaɗan. Na amarya maƙerin ya ce idan juna biyu ya zo hannu ya fara kumburi, ta cire tun yana fita, in ya so daga baya ya yanka ya ƙara masa ɗan guntu.

Abu na ƙarshe da muka saya a ranar bai kai kuɗin kwanon abinci ba: ɗan ƙaramin gwangwani mai murfi. Zoben da aka cire aka jefa a aljihun rigar aiki tare da noti da wasa, ko dai ya ƙarje ko ya ɓace. Yanzu gwangwanin yana cikin akwatin kayan aikin ƙanena. Da safe yana cire zoben ya sa a ciki kafin ya buɗe kan mota ta farko, da yamma kuma sai ya wanke girisi ya goge hannu sannan ya mayar.