Ina saƙo ya maƙale? Yadda ake karanta sakamakon traceroute

Idan shafi ya ƙi buɗewa, abin da yawancinmu ke cewa shi ne "babu netwok". Sau da yawa kuwa netwok ɗin na nan lafiya lau, a wani wuri can tsakiyar hanya ne saƙon ya tsaya. Duk abin da ka aika ta intanet ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kuma sai ya ratsa na'urori masu miƙa saƙo gaba, waɗanda ake kira rauta, kafin ya isa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Kowace rauta zango ɗaya ce. Manhajar da ke jero maka waɗannan zanguna ita ce `traceroute`, wadda Van Jacobson ya rubuta a Amurka a ƙarshen shekarun 1980. A kwamfuta mai Windows sunanta `tracert`.

Dabararta mai sauƙi ce. Kowane ƙunshi yana ɗauke da wata lamba, `TTL`, kamar guzurin matafiyi: duk zangon da ya sauka sai a rage ɗaya. Rautar da guzurin ya ƙare a hannunta takan yar da ƙunshin, ta aiko wa mai shi sanarwa cewa a nan ya ƙare. Sai manhajar ta fara aika ƙunshi mai lamba 1, rauta ta farko ta amsa, a san ta. Ta aika mai lamba 2, ta biyu ta amsa. Haka za a yi ta tafiya har a isa, ko a cika zango 30, wanda shi ne iyakar da Windows ke tsayawa in ba a canza ba. Kowane zango sau uku ake gwada shi, shi ya sa za ka ga lokuta uku a kowane layi.

A ce mai shagon kafe ne a Kano, ɗalibai sun cika masa shago, wani shafin rajista da ke zaune a Turai ya ƙi buɗewa alhali sauran shafuka na buɗewa. Ya rubuta `tracert -d` da adireshin shafin (wannan `-d` tana hana manhajar ɓata lokaci wajen neman sunayen na'urori). Ga irin abin da zai gani, da adireshin misali:

```
1    2 ms    1 ms    1 ms  192.168.0.1
2   28 ms   31 ms   25 ms  10.20.0.1
3    *       *       *     Request timed out.
4   41 ms  210 ms   39 ms  198.51.100.9
5  138 ms  140 ms  137 ms  198.51.100.77
6  141 ms  139 ms  142 ms  203.0.113.1
7    *       *       *     Request timed out.
8    *       *       *     Request timed out.
```

Layi na 1 rautar shagonsa ce, ta amsa cikin `1 ms`, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Cikin gida dai babu matsala. Layi na 2 na'urar kamfanin da ke sayar masa da data ce. Adireshin da ya fara da 10 na cikin gidan kamfani ne, ba a ganin sa daga waje.

Layi na 3 shi ne inda sabon hannu ke faɗawa rami. Ya ga taurari uku sai ya ce ai ga ɓarawon. Alhali tauraro ba ya nufin komai face an jira amsa ba ta zo ba. Dubi layi na 4: ya amsa. To ta ina ƙunshin ya bi ya kai zango na 4 in ba ta zango na 3 ba? Ke nan rauta ta 3 tana miƙa kaya yadda ya kamata, amsa ce kawai ba ta bayarwa. Masu kula da manyan rautoci sukan hana su aika irin wannan sanarwa, ko su taƙaita yawanta, domin aikinsu na gaskiya tura saƙonnin jama'a ne, amsa wa mai bincike kuwa sai in an samu sarari. Wannan dalilin ne ya kawo `210 ms` ɗin nan guda a layi na 4. Na'urar ta ɗan yi jinkirin amsawa, amma da hanyar ce ta cushe, da jinkirin ya bi dukkan layukan da ke ƙasa. Ƙa'idar ke nan: lahanin da bai ɗore har ƙarshen jerin ba, ba lahani ba ne.

Tsallen da aka yi daga kusan 40 zuwa kusan 140 a layi na 5 ya ɗore, amma shi ma ba cuta ba ce. Nisa ne. Saƙon ya bar Legas ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, zuwa da dawowa kuma kan ci wajen `100 ms`. Abin da zai sa a ɗaga gira shi ne wannan tsalle ya ninka abin da aka saba gani, ko sunayen zangunan su canza gaba ɗaya, alamar an karkatar da saƙo ta doguwar hanya. Irin haka ta faru a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma.

Inda maganar take shi ne layi na 7 zuwa ƙasa. Taurari sun fara, ba su kuma yanke ba har zango na 30. Na'ura ta ƙarshe da ta amsa ita ce ta 6, saboda haka abin da ya faru, bayanta ya faru. Sai mai kafe ya binciki wa ke da adireshin nan da umarnin `whois`, ko ya sake gwajin ba tare da `-d` ba don ya ga sunanta. In ta kamfaninsa ce, su zai kira. In kuwa ta kamfanin da ke ajiye shafin ce, to saƙonsa ya kai bakin ƙofar masu shafi, kamfanin datarsa ya fita daga zargi.

Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci, domin shirun nan fassara uku gare shi. Wataƙila hanya ce ta yanke da gaske. Wataƙila katangar tsaro ce ke zubar da ƙunshin gwaji kaɗai tana barin sauran saƙonni, abin da ya zama ruwan dare, har shafin da ke buɗewa sumul ma jerinsa kan iya ƙarewa da taurari. Wataƙila kuma ƙunshin ya isa, amsarsa ce ta ɓata a hanyar dawowa, wadda sau da yawa daban take da ta zuwa, kuma `traceroute` ba ta nuna ta sam.

Hanyar rarrabewa ita ce a canza irin ƙunshin. Windows na gwaji da `ICMP`, Linux kuwa da `UDP` daga ƙofa mai lamba 33434 zuwa sama, dukkansu irin da katangar tsaro ke yawan tarewa. A Linux ana iya aika gwaji mai kama da buɗe shafi na gaske:

```
sudo traceroute -T -p 443 203.0.113.50
```

In wannan ya kai har saba, hanya a buɗe take, a nemi matsalar a shafin kansa. In ya mutu a daidai bayan zango na 6, sai a gwada da layin wani kamfani, ko da na wayar hannu ne. Ya wuce ta can ya ƙi ta nan? Alama ce mai ƙarfi cewa adireshin kamfaninka aka toshe. Wani lokacin ma rautar kan faɗi gaskiya da bakinta: a Linux, `!X` a ƙarshen layi na nufin mahukuntan na'urar ne suka hana wucewa da gangan, `!H` ko `!N` kuma na nufin ba ta san hanyar isa ba. Idan ka ga adireshi biyu suna ta maimaita juna layi bayan layi, rautoci biyu ne ke jefa wa juna ƙunshin saboda kuskuren saiti.

Ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, gwaji uku sun yi kaɗan. `pathping` a Windows da `mtr` a Linux suna maimaita gwajin sau da yawa su ba ka kason da ya salwanta a kowane zango. A nan ma layin ƙarshe za ka fara dubawa: in can babu asara, kashi 60 da ka gani a zango na 4 taƙaita amsa ne kawai. In akwai, sai ka hau sama har layin farko da asarar ta fara ba ta sake sauka ba, ka kwafe sakamakon duka, ka haɗa da rana da lokaci, ka tura wa mai wannan zangon.